Biyan magini: a bi aiki, kada a bi wata

Yawancin rigimar mai gida da magini daga kalma guda take farawa: "Ƙarshen wata zan ba ka." Wata zai ƙare ko an ɗora bulo ko ba a ɗora ba. Mai gida ya biya don cika alkawari, bayan wata huɗu ya duba ya ga kashi bakwai cikin goma na kuɗin sun tafi, gini kuwa bai wuce taga ba. Daga nan magini ba shi da sauran abin da zai jawo shi wurin, sai ka ji ya kama wani aiki a wata unguwa.

Maganin wannan shi ne a raba jingar gida-gida, kowane biya a ɗaure shi da aikin da ido zai gani, hannu ya taɓa. A ɗauki misalin gida mai ɗaki uku da falo, an yi jingar kuɗin aiki kaɗai a kan naira miliyan 4, kaya na mai gida ne. Kafin alƙalami a ba da 400,000, don magini ya tara leburori ya fara haƙa. In an gama harsashi aka zuba daɓen kankare, a ba shi 800,000. Haka in an kai linta, haka in an yi rufi. Filasta da sauran gamawa su ci miliyan ɗaya. Ragowar 200,000, wato kashi 5 cikin 100, a riƙe su tukuna.

Sai dai rabon kuɗin ba shi ne mai wuya ba. Inda ake samun saɓani shi ne ma'anar "an kai linta". Ga magini, da ya zuba lintar ɗakunan gaba ya kai. Ga mai gida, sai an zagaye gidan duka, har kicin da banɗaki. Don haka a rubuta shi ɓaro-ɓaro: duk bango na ciki da na waje ya kai tsayin da ke cikin zane, an zuba linta a kan kowace ƙofa da taga, an cire katako, ba rodin da ya leƙo waje. "Rufi" ma a faɗi ko ya haɗa da silin da indararo, ko kwano kaɗai ake nufi.

Akwai aikin da in an rufe shi ba ya sake ganuwa. Zurfin harsashi, kaurin rodi da yawansa a cikin ginshiƙi, bututun ruwa da na waya a cikin bango, duk waɗannan sai a duba su kafin kankare ko filasta ta binne su. Mai gidan da bai san gini ba ya nemi injiniya ko wani tsohon magini da ba shi da hannu a aikin, a sa sunansa a takarda cewa shi ne mai cewa mataki ya cika. Ɗan abin da za a ba shi bai kai kuɗin fasa ginshiƙi ɗaya ba.

Tsarin yana da nasa haɗarin, domin wanda ya san kuɗinsa na jiran gamawa zai yi sauri. Kankare kuwa ba ya son gaggawa: yana bukatar ban ruwa na aƙalla kwana 7, kuma sai wajen kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi. In gidan bene ne, a rubuta kwanakin da katako zai yi a ƙarƙashin dakalin sama kafin a cire. Nan kaɗai kalanda ke da ta cewa.

Magini ma yana da haƙƙi. In mataki ya cika, a biya shi cikin kwana biyu ko uku, don leburorinsa kullum suke karɓar nasu. In mai gida ne ya kasa kawo siminti aiki ya tsaya, ba laifin magini ba ne. In kuwa jingar har da kaya ce, dole a faɗi wanda zai ɗauki ƙarin farashi. Wanda ya yi gini a farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama cikin 'yan makonni, ya san abin da nake nufi. Duk wani sauyi kuma, ko ƙarin taga ɗaya ce, a yanka masa kuɗinsa daban a rubuce.

Su kuwa 200,000 ɗin nan, an saba riƙe irinsu wata shida bayan miƙa makulli. A ganina, a ƙasarmu gara a ce sai damina ta wuce. Gidan da aka gama a Nuwamba zai iya cika wata shida bai ga ruwan kirki ba, alhali yoyon kwano da jiƙewar gindin bango sai a Agusta suke bayyana.

Mai karatu, kafin ka miƙa kowane biya, tambayi kanka: kuɗin da ya rage a hannuna zai ishi wani magini ya ƙarasa aikin da ya rage? In ba zai isa ba, dakata da biyan.