Sunan da ke Ƙasan Hoto: Abin da Latin ke Faɗa a Fakitin Iri

Duk wanda ya taɓa shiga shagon kayan noma a Kano, ko Zariya, ko Maraɗi ya san yadda cinikin iri yake tafiya. Mai saye ya kalli hoton da ke jikin fakiti ko gwangwani, ya tambayi farashi, in mai lura ne ya duba ranar da irin zai lalace, ya biya ya tafi. Ba kasafai ido ke sauka kan wasu kalmomi biyu da ke ƙasan hoton ba, waɗanda ake bugawa da ƙananan haruffa a kishingiɗe: Allium cepa a fakitin albasa, Abelmoschus esculentus a na kuɓewa, Lactuca sativa a na latas. Alhali kuwa sunan Turanci ko na Faransanci da aka buga da manyan haruffa yana iya rikita mutum, waɗannan kalmomi biyu su ne ba sa canzawa ko daga wace ƙasa aka shigo da irin.

Tsarin ya samo asali ne daga Carl Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, wanda a shekarar 1753 ya fitar da littafinsa Species Plantarum. Kafin nan sunan tsiro a wurin masana doguwar jimla ce ta Latin mai siffanta ganye da fure. Linnaeus ya taƙaita abin zuwa kalma biyu. Ta farko sunan dangi ce, ana fara ta da babban harafi. Ta biyu laƙabi ce da ke bambanta ɗan gidan da 'yan uwansa, ana rubuta ta da ƙaramin harafi. Albasa da tafarnuwa duk 'yan gidan Allium ne, amma albasa cepa ce, tafarnuwa kuma sativum. Yakuwa da rama duk Hibiscus ne: yakuwa sabdariffa, rama cannabinus, wato mai kama da tsiron wiwi, saboda surar ganyenta da zarenta.

A nan ne abin yake da daɗi, domin laƙabin nan yana da ma'ana, kamar yadda muke cewa Dogo ko Ɗan Asabe ko Mai Goro. Kuma kamar namu, wani ya dace da mai shi, wani kuwa tarihi ne kawai ya bar shi manne.

Mu fara da officinalis. A gidajen ibada na sufayen Kirista a Turai, ƙarnoni da suka wuce, akwai ɗakin da ake adana busassun ganyaye da saiwoyi ana haɗa magani. Sunan ɗakin officina, kuma daga baya shagunan masu haɗa magani suka gaje shi. Tsiron da ake ajiyewa a can don sayarwa sai aka ce da shi officinalis, ma'ana na rumbun magani. Da Bahaushe ne ya raɗa sunan, da sai ya ce "na kasuwar 'yan koli". Shi ya sa citta mai yatsu take Zingiber officinale. Har rake ma yana cikin sahu, Saccharum officinarum, domin an daɗe a Turai sukari kaya ne mai tsada da ake saye wurin mai magani. Kada bambancin ƙarshen kalmar ya dami mai karatu. Latin na da jinsi uku, laƙabi kuma yana bin jinsin sunan dangi kamar yadda muke cewa fari da fara, shi ya sa ake ganin officinalis da officinale. Ita officinarum jam'i ce, wato na rumbunan magani.

Abin da kalmar take shaidawa shi ne, a wani zamani Turawa sun yi magani da wannan tsiro. Ba ta ce maganin ya yi aiki ba, ba ta kuma ce ba ya cutarwa ba. Akwai wani haki a Turai mai suna Gratiola officinalis da aka daɗe ana sha don wanke ciki, yau kuwa ana lissafa shi cikin tsirrai masu guba. Haka kuma rashin kalmar ba ya rage wa tsiro daraja. Zogale Moringa oleifera ne, wato mai ba da mai, domin man ƙwayarsa ne ya ja hankalin masu raɗa suna, ganyen da muke kwaɗo da shi bai shiga lissafinsu ba.

Sai vulgaris, wadda ke nufin gama-gari, abin da kowa ya sani. Ta fito daga vulgus, wato talakawa ko jama'ar gari. Tambayar da ya kamata mai karatu ya yi ita ce: gama-gari a wajen wa? Amsar kusan kullum ita ce a wajen Baturen da ya raɗa sunan, a kasuwar garinsu, a zamaninsa.

Ga yadda wannan zai iya shafar aljihu. A ce mai lambu a gefen Kano yana neman irin wake, sai ya ga fakitin da aka shigo da shi daga waje, da hoton koren kwanson wake, a ƙasa an rubuta Phaseolus vulgaris. Ko da wani ya fassara masa cewa ma'anar ita ce "wake gama-gari", zai yi kuskure in ya ɗauka waken alale da ƙosai ne. Namu Vigna unguiculata ne, ɗan asalin Afirka, mai jure zafi da ƙarancin ruwa. Shi kuwa Phaseolus vulgaris daga nahiyar Amurka ya fito, ya bazu a Turai bayan shekarar 1492, har zuwa zamanin Linnaeus ya zama abincin kowa a can. Yana son sanyi-sanyi. Idan zafi ya tsananta lokacin fure, zai yi ganye shar, amma furen ya riƙa kakkaɓewa ba tare da ya ɗaura kwanso ba. Mai lambun zai zargi taki ko ƙwari, alhali matsalar tana rubuce a fakiti tun ranar farko. Irin wannan wake ya fi dacewa da wurare masu tudu kamar Jos, ko noman rani a lokacin hunturu. Kalmar farko kaɗai ta isa gargaɗi: in ba Vigna ba ce, ba waken gida ba ne.

Akwai wasu laƙubba biyu da suka fi yawa a shagon iri. Sativus, ko sativa, ko sativum, na nufin abin da ake shukawa, kishiyar na daji: shinkafar da ta zo daga Asiya Oryza sativa, kokwamba Cucumis sativus. Esculentus kuma na nufin abin ci, kamar a sunan kuɓewa da na aya, Cyperus esculentus. Amma rogo ma Manihot esculenta ne, kuma kowace uwar gida a ƙasar rogo ta san akwai mai ɗaci wanda sai an fere, an jiƙa, an matse ko an shanya kafin ya ciwu, in ba haka ba gubarsa na iya kisa. Gwaza, Colocasia esculenta, in an ci ta ɗanya sai ta yi ƙaiƙayi a maƙogwaro. Laƙabin ya ce ana ci, bai faɗi yadda ake dafawa ba. Haka communis, 'yar uwar vulgaris a ma'ana, tana jikin sunan zurma, Ricinus communis, wadda ƙwayarta ke ɗauke da guba mai tsanani.

Laƙubban da suka fi yaudara su ne na ƙasashe. Attarugu sunansa Capsicum chinense, wato na ƙasar Sin. Masani Nikolaus von Jacquin ne ya raɗa masa haka a 1776, yana zaton daga can ya fito, alhali duk dangin barkono 'yan nahiyar Amurka ne. Tsamiya kuma Tamarindus indica ce. Larabawa sun san ta ta hanyar fataucin Indiya suka kira ta tamar hindi, dabinon Indiya, Turawa suka ɗauka daga bakinsu, amma masana na ganin Afirka ce mahaifarta. Me ya sa ba a gyara ba? Domin ƙa'idar raɗa sunayen tsirrai ba ta yarda a jefar da suna don kawai ma'anarsa ba ta dace ba. Wanda aka fara bugawa bisa ƙa'ida shi ke da gaba. Kamar mutum ne da ake kira Audu Gwanja don kakansa ya yi fataucin goro, ko da shi bai taɓa taka ƙasar ba, da sunan za a aika masa wasiƙa ta same shi.

Duk da haka suna yana sauyawa, idan bincike ya nuna an sa tsiro a gidan da ba nasa ba, ko an gano wani suna da ya riga shi. Tsofaffin littattafan noma suna kiran dawa Sorghum vulgare, kankana kuma Citrullus vulgaris, yau kuwa Sorghum bicolor da Citrullus lanatus ake rubutawa. Tumatir ya daɗe yana amsa Lycopersicon esculentum, har yanzu wasu gwangwanaye na ɗauke da shi, kafin a mayar da shi Solanum lycopersicum, gida ɗaya da gauta da dankalin Turawa. Wanda ya ga tsohon suna a fakiti kada ya ɗauka jabu ne, kamfanonin iri ba sa saurin sauya bugu. Sanin dangin ma yana da amfani a gona: tumatir da gauta da dankalin Turawa suna tarayya a cututtuka da dama, don haka sauya ɗaya da ɗaya a fili guda ba hutar da ƙasa ba ne.

Inda sunan Latin ya tsaya kuwa, nan ne manomi ya fi buƙatar ido. Dukan albasar duniya Allium cepa ce, amma wadda aka ƙirƙira don dogayen ranakun bazarar arewacin Turai za ta iya yin ganye a nan ta ƙi yin kai, domin tsawon yini ne ke sa albasa ta ɗaura, namu yinin kuma bai yi nisa da awa 12 ba duk shekara. Abin da ke raba su shi ne suna na uku, wanda ake rubutawa a tsaye, sau da yawa tsakanin alamun zance: Allium cepa 'Violet de Galmi', albasar nan ta garin Galmi a jihar Tawa ta Nijar, wadda ta saba da yininmu. Idan kuma an ga F1 a gefen sunan, irin aure ne na zubin farko, kuma wanda ya ajiye 'ya'yansa don baɗi zai samu gona mai gauraye, wani ya yi kyau wani ya lalace.

Saboda haka in an ɗauki fakiti, a karanta kalmomi biyun nan a haɗe don a tabbatar da wane tsiro ne, a karanta na ukun don a san ko zai yi a gonar. Ma'anar laƙabin kuwa labarin wanda ya raɗa sunan ne: abin da ya gani a rumbun maganin garinsu, abin da ya saba ci, da ƙasar da ya zaci kayan sun fito. Jacquin ya yi kuskure a kan attarugu shekara kusan 250 da suka wuce, amma duk wanda ya sayi irin Capsicum chinense a yau, attarugu ko ɗan uwansa mai yaji zai tsinka.