Jawabin maraba a motar ziyara: harshe uku, hanya gajera

Daga Masallacin Annabi zuwa Ƙuba bai kai kilomita 5 ba. In hanya ta yi kyau, cikin kwata guda mota ta isa. Wannan ɗan lokaci shi ne abin da ɗan jagora yake da shi a motar ziyarar Madina, ga kujeru wajen 50 cike da mutanen Kano, 'yan Senegal masu jin Faransanci da wasu Misirawa. Jawabin minti biyar, in aka maimaita shi da harshe uku, ya cinye hanyar kaf. Shi ya sa gwanayen aikin suke datse magana.

Akwai ma abin da ba ya jira mota ta tashi. Sunna ita ce mutum ya yi alwala a masauki kafin ya je ya yi salla a Ƙuba, don haka tun ana tsaye a ƙofar otal ake tambaya ko kowa na da alwala. Sai sallama, sunansa da na direba, sannan inda za a je: Ƙuba, Uhudu, Ƙiblataini, a dawo kafin azahar. Tarihin yaƙin Uhudu ya jira sai an ga dutsen.

Gwanintar tana wajen rabon harsunan. Wanda bai ƙware ba yakan zuba komai da Larabci, sannan ya juyo Hausa. Kafin ya kai Faransanci, na farko sun shiga hira, na ƙarshe sun daɗe da cire rai. Gwani kuwa jimla biyu yake faɗa, ya juya su nan take, kuma yana sauya harshen da yake farawa da shi don kada wasu su ji su 'yan rakiya ne. Barkwanci, a ganina, gara a bar shi. In rabin mota ta fashe da dariya, sauran sai su ɗauka da su ake.

Inda aka fi samun matsala shi ne lokacin dawowa mota. “Nan da minti talatin” ba magana ba ce, domin kowa daga inda ya ga dama zai fara ƙirga. Cewa ake, “Alhazai, Hajiyoyi, ƙarfe tara daidai agogon Saudiyya,” a ɗaga takarda da 9:00 a rubuce. Dole a ambaci agogon, saboda Saudiyya na gaban Najeriya da Nijar da awa 2, kuma dattawa da yawa ba sa gyara na hannunsu. Haka lambar mota: a filin Uhudu motoci iri ɗaya ne jere, gara kowa ya ɗauki hoton tasa da waya.

Ɗan jagora yakan gane ko an fahimta ne ta hanyar sa mutum ɗaya daga kowane rukuni ya maimaita lokacin da lambar. Gyaɗa kai ba shaida ba ce. Kunya na sa mutum ya gyaɗa ko bai ji komai ba. Daga nan sai ya bi layi ya ƙirga kawuna, ya rubuta adadin, ya ce wa direba bismilla.