Tsakure: Sakin Layi Ɗaya da Ke Ɗauke da Bincike Sukutum

Duk ɗalibin da ya rubuta kundin kammala karatu a kwalejin ilimi ko jami'a ya san shafin nan da ke zuwa kafin babi na ɗaya, wanda ake kira tsakure. Shi ake rubutawa a ƙarshe, a gurguje, alhali shi mai karatu ke fara dubawa, kuma sau da yawa daga shi ba ya ƙara gaba. Tsarin rubutu na APA, wanda tsangayoyin ilimi da dama ke bi, ya fi son kada ya wuce kalma 250, a sakin layi ɗaya. A cikin wannan ɗan fili ake so a amsa tambaya huɗu: me aka nema, ta yaya aka nema, me aka samu, kuma me abin da aka samu yake nufi.

Akwai wani ƙaramin bincike da ya dace a gwada wannan a kansa. A shekarar 2014 Pam Mueller da Daniel Oppenheimer suka wallafa aikinsu a mujallar Psychological Science, kan ɗaukar bayanan lacca da alƙalami ko da kwamfutar tafi-da-gidanka. Da za a rubuta wa gwajinsu na farko tsakure da Hausa, jimla ɗaya ta wadatar da manufa: binciken ya duba ko hanyar da ɗalibi ke rubuta bayanan lacca tana shafar fahimtarsa. Ba a buƙatar soma wa da cewa ilimi gishirin zaman duniya ne. Mai karatu ya riga ya sani, kuma kalmomin da aka kashe a can za a neme su a gaba a rasa.

Sai hanyar bincike. A nan ana faɗin su waye, su nawa ne, a ina, da abin da aka sa su yi. Ɗaliban Jami'ar Princeton 67 ne suka kalli laccocin TED na kimanin minti 15, wasu na rubutu da hannu, wasu da kwamfuta. Bayan kusan rabin awa aka yi musu tambayoyi iri biyu, na tuna abin da aka faɗa da na fahimtar ma'anarsa. Da wannan kaɗai malamin makaranta zai iya auna ko binciken ya yi kama da ajinsa.

Sakamako shi ne inda tsakure da yawa ke tuntuɓe. Sai a ga an rubuta cewa an gano abubuwa da dama, an kuma ba da shawarwari. Waɗanne abubuwa? Abin takaici ne ɗalibi ya yi watanni yana zirga-zirga tsakanin makarantu da takardun tambayoyi, sannan ya ɓoye abin da ya samo a wurin da aka fi dubawa. A misalin Princeton, sai a faɗa ƙarara: ɓangarorin biyu sun yi kusan kunnen doki a tambayoyin tuna bayani, amma masu alƙalami sun fi ƙoƙari a tambayoyin fahimta. Masu kwamfuta sun fi yawan rubutu, kuma sun fi kwafo maganar mai lacca kalma da kalma. Har wurin da ba a ga bambanci ba dole a ambata, domin shi ma sakamako ne, kuma barin sa kan sa mai karatu ya ɗauka alƙalami ya yi nasara ta kowace fuska.

Kammalawa kuwa ba ta da izinin wuce gona da iri. Ɗalibai 67 a jami'a guda a Amurka ba su isa a ce a kori kwamfuta daga dukkan azuzuwa ba. Abin da za a iya cewa shi ne, a wannan rukuni, kwafar magana yadda take mai yiwuwa ta rage zurfin fahimta. Wannan taka-tsantsan yana da dalili: masu binciken da suka maimaita gwajin, aka wallafa ayyukansu a 2019 da 2021, ba su samu bambancin a fili kamar yadda aka samu da farko ba. Haka ɗalibin da ya nazarci makarantun firamare uku a ƙaramar hukuma ɗaya zai tsaya kan waɗannan ukun, kada ya yanke hukunci kan jiha baki ɗaya.

Kafin a miƙa kundi, ana iya ba wani da bai san aikin ba tsakuren kaɗai ya karanta, sannan a tambaye shi su wa aka nazarta da abin da aka gano. In ya yi inda-inda, to a wannan gaɓa gyara yake. Daga nan a bi alƙaluman tsakuren ɗaya bayan ɗaya a gwada su da na babin sakamako, saboda adadin ɗalibai kan sauya bayan gyare-gyaren mai duba aiki, a manta da tsohon adadi a shafin farko.