Minti Uku Kafin a Watse: Yadda Ake Jawabin Godiya

Ƙarfe biyar da rabi na yamma, rana ta biyu ta wani taron ƙara wa juna sani a Kano. An karanta takardar bayan taro, an tafa. Waɗanda suka zo daga Katsina da Gusau sun fara duban agogo, don suna son su ci hanya kafin duhu. Mata sun rataya jakunkunansu, mai kula da lasifika ya fara naɗe wayoyinsa. A daidai nan mai gabatarwa ya kira wanda zai yi jawabin godiya. Bawan Allah ya karɓi makirfo, ya shafe minti goma sha bakwai yana maimaita abin da masu gabatar da muƙalu suka riga suka faɗa. Kafin ya zo kan wanda ya ba da ɗakin taron kyauta, rabin kujeru sun zama wayam, shi kansa mai kyautar ya fita alwala.

Abin ya tsaya mini a rai, domin mutumin ba shi da mugun nufi. Bai dai san aikin da aka ba shi ba ne. Jawabin godiya ba sharhi ba ne a kan taro, ba kuma shi ne jawabin rufewa ba, wannan na shugaban taro ne. Bashi ne da masu taro suka ci, aka wakilta mutum ɗaya ya biya a bainar jama'a. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, kuma tukuicin nan da sunaye ake ba da shi. Saboda haka wahalar duka ɗaya ce: sunayen suna da yawa, lokacin kaɗan ne.

Minti uku ya isa. Mai magana a tsanake yakan furta kalmomi wajen 120 a minti ɗaya, wato jawabin gaba ɗaya bai kai kalma 400 ba, shafi guda ke nan. Idan ka cire sallama da addu'ar ƙarshe, abin da zai rage ba zai ɗauki fiye da sunaye goma ko goma sha biyu ba. Dole a yi zaɓi, kuma ba a kan mumbari ake yin sa ba. Tun da safe za ka zauna da sakataren kwamitin shirya taro, ku fitar da jerin waɗanda za a ambata ɗai-ɗai, da waɗanda za a haɗa a rukuni.

Manyan baƙi su ne farko, kuma nan aka fi tuntuɓe. Sarki Mai Martaba ne, gwamna Mai Girma. Hakimi da sarautarsa ake kiransa, in Galadima ne ko Madaki ko Wambai, ba da sunansa tsirara ba. Wanda ya zama Farfesa bara, ka kira shi Dakta bana, zai yi murmushi amma ya ji. Abin da aka fi mantawa shi ne wakilci. Takardar shirye-shirye da aka buga tun mako biyu da suka wuce tana ɗauke da sunan wanda aka gayyata, ba lallai shi ne ya zo ba. In Sarki ya turo hakimi, sai ka gode wa Sarki, ka ambaci wanda ya wakilce shi, ka roƙe shi ya isar da godiya fada. Kada ka dogara da takardar. Dubi teburin manya da idonka, ka gyara da biro. Kuma tunda an riga an jero muƙaman kowa a jawabin maraba, ba sai ka sake karanto su duka ba. Babban baƙo, shugaban taro, uban taro ko uwar taro, sauran kuma a dunƙule.

Masu ɗaukar nauyi su ne inda nake ganin ya kamata a ɗan daɗe. Cewa "muna gode wa duk waɗanda suka taimaka" ba godiya ba ce, domin ba wanda zai ji da shi ake. Faɗi sunan kamfanin ko ƙungiyar daidai yadda suke rubuta shi, sannan ka faɗi abin da suka yi: waɗannan suka ba da ɗakin taro, waɗancan suka ɗauki masaukin baƙi, wannan maɗaba'a ta buga takardu. Jumla ɗaya kowannensu. Adadin kuɗi kuwa a bar shi a littafin ma'aji. Ambatonsa yakan kunyata wanda ya ba da kaɗan, ya kuma jawo wa mai yawa masu roƙo tun kafin ya kai motarsa. Akwai ma attajirin da zai ce don Allah ya yi, kada a faɗi sunansa. A tambaye shi tukuna, a kuma cika masa. Wani abu guda: mai godiya ba maroƙi ba ne. Maroƙi yana wasa mutum ne don a ba shi, kai kuwa an riga an bayar. Da zarar ka shiga kirari, jama'a za su ɗauka tallafin baɗi kake nema.

Kwamiti ba sai an karanto mutum ashirin ba. Shugaba da sakatare, a madadin saura. Amma a bar jumla guda cikakkiya ga waɗanda ba sa hawa mumbari: masu girki, direbobi, masu shara, masu tafinta, jami'an tsaro, 'yan jarida. Na taɓa yin wannan jawabi na manta da matar da ta kwana biyu a bakin murhu tana ciyar da mu. Ba ta ce komai ba, sai da muka zo sallama ta ce, "Malam, Allah Ya sa dai abincin ya yi." Har yau ina jin nauyin maganar, kuma tun daga ranar sunan masu abinci nake fara rubutawa a takardata.

Mahalarta kuwa da garuruwansu ake gode musu. Ga yadda ƙarshen zai iya kasancewa: "Ku kuma da kuka baro gidajenku da sana'o'inku, daga Sakkwato, daga Zariya, daga Bauci, har da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka tsallako iyaka, ba don ku ba da kujeru za mu yi wa magana. Wanda bai ji sunansa ba ya yafe mana, lokaci ne ya ƙure. Allah Ya saka da alheri, Ya huce gajiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya." Ka lura da yadda ɗakin ke motsi idan aka kira garin mutum, kai yake ɗagowa. Sai dai ka duba rajistar shiga kafin ka jero garuruwan, don kada ka kira Sakkwato alhali daga Birnin Kebbi suka zo.

Sanarwar kuɗin mota, karɓar takardar shaida da hoton haɗin gwiwa, duk a bar wa mai gabatarwa. Ƙorafin wutar da ta ɗauke ko baƙon da ya makara, a kai shi zaman kwamiti. Kafin a kira ka, ka keɓe ka karanta takardarka da ƙarfi kana duban agogon wayarka. In ta haura minti uku, yabon za ka rage, ba sunaye ba. In kuwa ka ji ladan ya fara gyaran murya kana tsaka da magana, tsallaka kai tsaye zuwa masu ɗaukar nauyi da mahalarta, ka miƙa makirfo ga malamin da zai yi addu'a.