Mafarkin Tsohon Miji da Tsohuwar Ƙawa a Al'adar Bahaushe

Bahaushe ba ya sakin mafarkinsa a bainar jama'a, balle mafarkin wanda aka rabu da shi. Matar aure da ta ga tsohon mijinta ko saurayinta na ƙuruciya cikin barci ba za ta faɗa wa maigida ba, ba kuma za ta bari kishiya ta ji ba. In abin ya tsaya mata a rai, sai ta nemi uwa, ko goggo, ko malamar Islamiyya ta yi musu raɗa. Namiji kuwa yakan ja aboki gefe bayan sallar asuba, ko ya samu malamin zaure ya ce "wani ne ya yi mafarki", alhali malam ya san wanin.

Wannan ɓoyo yana da tushe biyu, kunya da karantarwar addini. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kasa mafarki gida uku: akwai bushara daga Allah, akwai na Shaiɗan mai jefa baƙin ciki, akwai kuma zancen zuci, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa ya biyo shi kan shimfiɗa. Mai kyau ana faɗa wa masoyi kawai. Marar daɗi kuwa, mutum ya nemi tsari, ya yi tofi sau uku ta hagunsa, ya juya kwanciya, in ya so ya tashi ya yi nafila, kada ya ba kowa labari. Shi ya sa tsofaffi kan katse yaro da ya fara zuba da safe, su ce ya yi shiru ya je ya wanke baki.

In aka kai wa malami mai lura irin wannan mafarki, ba ya fara buɗe littafi. Littattafan suna nan, ana sayar da su a kasuwar Kurmi da bakin masallatan Juma'a: wanda ake jingina wa Ibn Sirin, malamin Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, ko da yake masana da yawa na shakkar cewa shi ya rubuta shi, da kuma na Abdulgani Nabulusi. Amma abin da ake fara yi shi ne tambaya. Yaushe kuka rabu? Kin gan shi kwanan nan, ko an yi zancensa a gabanki? Da wane hali kika farka, tsoro ko kewa? Sau ɗaya ne, ko yana maimaituwa? Akwai wani haƙƙi da ya rage tsakaninku?

A ɗauki misalin mace da mijinta ya yi mata saki ɗaya, ta koma gidan iyaye da goyo, aka bar babban ɗanta mai shekara 7 wurin uban. Wata 5 da rabuwa sai ta soma ganinsa a mafarki, tsaye a soro, yana miƙo mata ƙwarya, ita kuma ta kasa karɓa. Ta samu goggonta.

"Goggo, dare uku ke nan ina ganin baban su Abba."

"Ke 'yar nan, jiya wa ya zo gidan nan?"

"Ƙanwarsa ce ta kawo Abba ya gaishe ni."

"To ai ga shi nan. Ɗanki kike kewa, uban ya biyo baya."

Hukuncin goggo shi ne na zancen zuci, kuma galibin irin waɗannan mafarkai nan suke faɗawa. Alamarsa ita ce ana iya gano abin da ya taso da shi: an haɗu a gidan biki, an ji sanarwar ɗaurin aurensa, ko Sallah ta matso an tuna wanda ya saba ɗinka kaya. Maganinsa a al'ada shi ne a shagala da sana'a da karatu, a kwanta da alwala, a karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi.

Amma da goggo ta ji cewa mafarkin ya ƙi yankewa, kuma yarinya na farkawa da hawaye, sai tambayar ta sauya: "Har yanzu kina son sa?" A nan lissafin aure ke shigowa. Da tana cikin idda, miji na da ikon mayar da ita ba tare da sabon sadaki ba. Tunda iddar ta cika, kome sai da yardarta da waliyyi da shaidu da sabon sadaki. Da saki uku ne, ƙofa ta rufe sai ta auri wani aure na gaskiya sun rabu. Saboda haka dattawa ba sa aika wa tsohon miji cewa an yi mafarkinsa. Sukan sa ta yi istihara, su kuma su bincika a farke ko abin da ya raba auren ya gyaru, rashin abinci ne ko duka ko rikicin dangi. Mutane da yawa na jiran amsar istihara a mafarki, amma malamai na nanata cewa ba sharaɗi ba ne. Tsohuwar zuma ana magani da ita, in ji masu iya magana, sai dai kome da aka gina kan mafarki kaɗai yakan tarar da matsalar jiya tana nan inda aka bar ta.

Akwai kuma fassarar da ta fi tayar da hankali. In mafarkin na saduwa ne kuma yana yawaita, wasu kan ce namijin dare ne, aljani ya ari fuskar tsohon masoyi, ko su ce kiranye aka yi mata don ta koma. Daga nan sai ruƙiyya da hayaƙi da rubutun sha. Inda ake ɓata rawa shi ne hannun wanda zai ce dole an yi sammu, ya ambaci sunan mai yin, ya yanka kuɗin karyawa. Ana gane shi da cewa bai tambayi komai ba ya riga ya san mai laifi, kuma kowane zuwa da sabon farashi. Ta fuskar fiƙihu dai maganar a taƙaice take: mai barci ba a rubuta masa zunubi, aurensa na nan daram, wanka kawai ke kansa in ya farka ya ga alamar janaba.

Mafarkin tsohuwar ƙawa ko aboki da aka yi gaba da shi ya fi sauƙin warwarewa, domin babu shamakin aure. Abin da ake dubawa shi ne haƙƙi: kuɗin adashi da ba a cika ba, bashi, amanar sirri da aka tona, ko maganar da aka yaɓa ba a nemi gafara ba. Tunda addini ya hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku, manya kan ce a je a yi sallama, ko a aika yaro da tuwon Sallah, ko a jira suna ko ta'aziyya a shiga cikin jama'a a gaisa. In abokin ya riga ya rasu, sai a biya magadansa abin da yake bi, a yi masa addu'a, a soya ƙosai ko masa ranar Juma'a a raba wa almajirai da niyyar ladan ya kai gare shi.

In kuwa an duba babu bashi, babu gaba, babu ƙofar aure a buɗe, to tsohon sabo ne kawai ya motsa. Matar da ke ɗakin mijinta ba ta neman lambar wayar wancan, magidanci ba ya zuwa zance gidan da aka riga aka ɗaura wa wani. A yi wa mutumin addu'ar alheri daga nesa, a ci gaba da hidimar gida.