Yadda za ku nemi ganawa ta imel cikin 'yan layuka

Idan kuɗin akwati suka fara yawa, ƙungiya takan so ta ga jami'in banki, ko ma'aikacin gona, ko jami'ar da ke kula da ƙungiyoyi. Daga Kaya, irin waɗannan mutane galibi sai an je Maradun ko Talata Mafara, wani lokaci ma Bakura. Kuɗin motar mata uku daga asusun ƙungiya za su fito, ga kuma halin da hanya take ciki, ba kullum ake son binta ba. To a ce an yi wannan tafiya, an isa, sai a ce muku mai ofis ya tafi Gusau, ku dawo jibi. Shi ya sa ake fara tura saƙo. Ma'aikatan banki da na ƙungiyoyin agaji sun fi ɗaukar imel da muhimmanci, domin yana zama a rubuce, ga rana ga lokaci.

Abin da za ku riƙe shi ne, wanda kuke rubuta wa yana da saƙonni da yawa a gabansa, kuma a waya zai duba naku yana tsakiyar aiki. Ku rubuta yadda zai iya amsawa da kalma ɗaya, "Na amince", ko "Alhamis ta fi". Idan sai ya tambaye ku wace magana ce, yaushe, ku nawa ne, to saƙon zai kwana, wataƙila ya yi mako.

Bari mu ɗauki misali. Ƙungiya ce ta mata 25 a Kaya, tana son buɗe asusun banki kafin lokacin rabo. Magatakarda ta buɗe Gmail a waya, ta danna Compose. A layin To ta sa adireshin jami'in. A layin Subject ta rubuta: Neman ganawa ta minti 30 kan buɗe asusun ƙungiyar mata, Kaya. Sai jikin saƙon:

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.
Ni ce magatakardar ƙungiyar adashin mata 25 a Kaya, ƙaramar hukumar Maradun. Muna neman ganawa da kai ta minti 30, mu uku: shugaba, ma'aji da ni.
Abin da za mu tattauna: takardun da ake buƙata don buɗe asusun ƙungiya, mutum nawa za su riƙa sa hannu kafin a cire kuɗi, da cajin da banki ke cira.
Muna iya zuwa ofishinka a Talata Mafara ranar Talata, 12 ga Mayu, ƙarfe 11 na safe. Idan ba ta yi maka ba, sai Alhamis, 14 ga Mayu, ƙarfe 10 na safe. Idan hanya ba ta ba mu ba, za mu kira ka a waya a daidai wannan lokacin.
Don Allah a ba mu amsa kafin Juma'a, 8 ga Mayu, mu samu mu shirya tafiya. Mun gode.

A ƙasa ta sa sunanta, muƙaminta da lambar wayarta. Shi ke nan.

Gaisuwar layi ɗaya ce. A zaure ko a tsakar gida wannan zai zama rashin ladabi, sai an tambayi iyali da gajiya da ruwa. A imel ɗin aiki ba mai jin haushi. Sallama da "ranka ya daɗe", ko "ranki ya daɗe" idan mace ce, sun wadatar, sauran gaisuwa ku ajiye ta sai kun haɗu.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen faɗin abin da za a tattauna. Mata da yawa sukan rubuta "muna da wata muhimmiyar magana", suna ganin kunya ce a fito da buƙata tun daga farko. Amma jami'in da ya ga haka yakan ɗauka roƙon tallafi ne, sai ya yi shiru. Da ya ga batutuwan nan uku, ya san aikinsa ne ko na wani abokin aikinsa, kuma zai iya ce muku tun a amsa ku zo da kundin dokokin ƙungiya, da hotuna, da katin shaida. Kun ga an rage muku tafiya ta biyu. Batu uku sun isa minti 30, kowanne ya samu minti goma. Idan a taron mako mambobi sun kawo abu bakwai, ku zauna ku zaɓi ukun da ba za su iya jira ba, kuma ku sa mafi nauyi a farko, domin idan lokaci ya ƙure, na ƙarshe ne ake yankewa.

Faɗin tsawon lokaci alkawari ne. Mutum yakan ba da rabin awa cikin sauƙi, amma ganawar da ba a san ƙarshenta ba kowa na gudunta. In kun ce minti 30, ɗaya daga cikinku ta riƙa duba agogo, idan lokaci ya cika ta ce "ranka ya daɗe, lokacin da muka roƙa ya cika". Idan yana da sarari, shi da kansa zai ce ku ci gaba.

Zaɓin rana kuwa yana son tunani. Talata ranar kasuwar Mafara ce, mota ba ta wuya, kuma ba ku kaɗai ba ne a hanya. Sai dai ranar ce banki ke cika da 'yan kasuwa. Shi ya sa magatakarda ta haɗa ta da Alhamis, ta bar wa jami'in ya zaɓa. Ta kuma sa lokacin da hantsi, yadda za a gama a kamo hanyar gida da sauran rana. Juma'a ba ta da kyau ga irin wannan, ana shirin masallaci. Kada ku rubuta "duk lokacin da ka ga dama". Yana kama da ladabi, amma kun ɗora masa aikin nema muku rana ne. Kada kuma ku ce "jibi" ko "Talata mai zuwa", tunda ba ku san ranar da zai buɗe saƙon ba. Ku sa sunan rana da kwanan wata tare, ku duba kalanda ku tabbatar sun dace. In aka rubuta Talata 13 ga wata alhali 13 Laraba ce, ku za ku zo Talata, shi yana jiran ku Laraba.

Zaɓi na uku, wato kiran waya, ba ado ba ne a wurinmu. Ana iya wayar gari a ce yau kada a bi hanya. Waya ma takan ɗauke, kowa ya tuna yadda aka rufe layuka a Zamfara a watan Satumba na 2021. Saboda haka idan rana ta tsayu, ku rubuta ta a littafin ƙungiya, kada ku dogara da wayar mutum ɗaya.

Kafin a tura, magatakarda ta karanta wa shugaba da ma'aji saƙon da ƙarfi, domin da sunan ƙungiya ake magana. Idan jami'in ba ya jin Hausa, ku nemi jami'ar da ke zagayo ku ta mayar da shi Turanci a kan wannan tsarin. Kada ku taɓa sa lambar sirri, ko BVN, ko yawan kuɗin da ke akwati, ko gidan da yake kwana. Saƙo yana iya faɗawa hannun da ba a nufa ba.

Bayan an tura, ku leƙa Sent. In saƙon yana can, ya tafi. In yana Outbox, bai fita ba, sai ku je inda sabis ya fi ƙarfi. In wani saƙo ya dawo da rubutun Address not found, akwai kuskure a adireshin, sau da yawa harafi ɗaya ne ko ɗigo, ku gyara ku sake turawa. Idan kwanan aiki biyu suka wuce shiru, ku kira shi ku ce kun tura imel ranar kaza, Talata ko Alhamis wacce ta yi masa. Kada ku biya kuɗin mota sai an ce muku "ku zo". Da ya amsa, ku danna Reply ku rubuta layi ɗaya: "Mun gode, sai Alhamis, 14 ga Mayu, ƙarfe 10 na safe a ofishinka, in sha Allahu."