Tarkon Manyan Kasuwa a Idon Wyckoff

Richard Wyckoff, masanin kasuwar hannun jarin Amurka da ya rasu a 1934, ya lura cewa idan farashi ya daɗe yana kai-komo tsakanin iyakoki biyu, manyan 'yan kasuwa na tara haja ne ko suna sauke ta.

A ce hannun jari na yawo tsakanin dala 40 da 45. Kwatsam ya faɗo 39, masu tsoro suka sayar, sai ya koma 41 nan da nan. Wannan alamar tarawa ce. Idan kuwa ya leƙa 46, ciniki ya yi yawa amma ya kasa zama, ya dawo 44, ana saukewa ne.

Kada ka yi gaggawa. Jira farashi ya sake gwada wurin da ƙarancin ciniki, domin wani faɗuwar na gaske ne.